Ruwan Gwaji a Banɗakin Iya Yagana

Gwadabe mai tayil ba ya son a ambaci Malam Madori a gabansa. Ba garin ya tsana ba, can ma ya yi aure. Abin da ya faru shi ne, shekara huɗu da suka wuce ya yi wa wani mutum banɗaki a saman bene a garin, ya shimfiɗa tayil mai ɗaukar ido, kowa ya zo ya yaba. Bayan wata uku sai silin ɗin falon ƙasa ya fara kumbura, ranar wata walimar suna kuwa ya ɓallo ya faɗo cikin tiren shinkafa a gaban baƙi. Tun daga nan 'yan majalisar bakin kasuwar kifi ta Haɗeja suka laƙaba masa Mai Yoyo. Mutanen garinmu kuwa in suka ba ka suna, ko Makka ka je ka dawo sai dai su ƙara maka Alhaji a gabansa.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya tattara ya tafi Kano, ya shekara yana aiki a ƙarƙashin wani ɗan kwangila, da girmansa da furfurarsa ana aikensa ɗebo yashi. A can ya gane abin da bai sani ba duk tsawon shekarun da ya yi yana sana'ar, wato tayil ba ya tare ruwa. Ado ne kawai. Ruwa yana bi ta layukan da ke tsakaninsa ya sauka, in bai tarar da abin da zai tsare shi a ƙasa ba sai ya shige cikin dekin. Ya dawo gida da doka guda wadda ba ya karyawa. Ba ya ɗora tayil ko ɗaya a wurin wanka sai ya shafe wurin da robar tare ruwa, ya toshe magudana, ya cika wurin da ruwa, ruwan nan ya yini ya kwana bai ragu ba.

Masu gidaje ba su so dokar ba. Sun ce ɓata lokaci ce, ga Munzali nan, wani mai tayil da ke gama banɗaki cikin kwana biyu yana fito. Saboda haka ranar da Alhaji Umara dillalin banda ya kira shi aiki, Gwadabe ya san wannan ce damar da zai wanke sunansa. Alhaji Umara kusan shi ne bakin majalisar nan. Abin da ya faɗa da la'asar, kafin magariba ya kai Auyo.

Ɗakin na mahaifiyar Alhaji ne, Iya Yagana. Ambaliyar bara ta cinye mata gidan ƙasa a wani ƙauye kusa da Guri, da kwalekwale aka fito da ita, ɗanta kuwa ya rantse ruwa ba zai sake samunta a ƙasa ba. Ya ɗora mata ɗaki a saman gidansa, ya kuma mai da ita ciki tun ba a gama ba. Masai an riga an kafa shi a gefe, amma mai gyaran famfo ya ce ba zai haɗa ruwa ba sai an gama tayil. Wurin wankan ne ya rage, ɗan lungu ne, faɗinsa bai wuce mutum ya miƙe hannu ɗaya ba, da ɗan dakali a bakinsa don tare ruwa. Ko ƙofa ba a rataya ba tukuna. Alhaji ya ce a gama kafin ruwa ya zauna, gizagizai kuwa sun riga sun fara haɗuwa ta gabas.

Gwadabe ya yi aikin nan kamar wanda za a yi wa hisabi a kansa. Ya fara da ɗora lebur, ma'aunin daidaiton daɓe, ya tabbatar daɓen ya gangara zuwa magudana ta kowane gefe, babu inda ruwa zai kwanta. Ya share ƙura, ya cike 'yan tsage, ya shafa ruwan share fage don roba ta kama. Kusurwoyin da bango ya haɗu da ƙasa ya bi su da ƙyallen raga, ya danne shi cikin ɗanyar roba, domin a nan gini ke motsi, a nan kuma ake fara tsagewa. Sannan ya zo kan magudanar, wadda ita ce ta kunyata shi a Malam Madori. A bakin bututun akwai wani faffaɗan leɓe kamar ƙaramin faranti, daidai da fuskar daɓe. Ya goge shi da samfefa, ya zagaye mahaɗarsa da siminti da gam, ya yanka ƙyallen raga da rami a tsakiya ya rufe mahaɗar, ya bi da roba har ta lanƙwasa cikin bakin. Shafi biyu ya yi wa wurin gaba ɗaya, na farko a tsaye, da ya bushe ya yi na biyu a kwance, ya hau bango har ya wuce inda kan shawa zai tsaya, ya kuma lulluɓe dakalin ciki da waje. Daga ƙarshe ya ɗora zoben da ke danne robar a kan farantin, ya ɗaure notinsa ɗaya bayan ɗaya. Wurin ya fito shuɗi fes.

Sai ya ce a bar shi kwana uku ya bushe sosai. Alhaji ya dube shi ya dubi sama.

Ranar Asabar da hantsi Gwadabe ya zura abin toshiya cikin bututun, can ƙasa da farantin, don mahaɗar ita ma ta sha gwaji. Ya murɗa shi har robarsa ta buɗe ta kama. Ya hau da ruwa bokiti-bokiti daga rijiyar burtsatse ta tsakar gida, ya zuba har ya kusa kan dakali, ya ja layin fensir daidai bakin ruwan. Ya cika wani kwanon sha ya aje a gefe da nasa layin, don ya san abin da zafi ya shanye. Ya zagaya bayan gida ya ɗaura leda a ƙarshen bututun, ko toshiyar za ta yi ɗigo. Ya roƙi Alhaji kar kowa ya taɓa ruwan. Alhaji ya ce wa zai taɓa, yara an hana su hawa, daga Iya sai Suwaiba matarsa da ke kai mata abinci.

Washegari Gwadabe ya hau benen da ƙarfinsa. Ya leƙa. Ruwa ya sauka daga layi kusan kaurin yatsa. Na kwano kuwa da ƙyar za ka ce ya motsa.

Ya sauko da gudu ya duba ledar, a bushe take ƙayau. Ya nemi izini ya shiga ɗakin da ke ƙasa, inda Alhaji ke tara kwalayen banda, ya haska silin, ya shafa bango, ya ma sunsuna. Babu ko alamar laima. Wani zai yi murna da haka, amma shi hankalinsa ya ƙara tashi, don ya san halin ruwa. A Malam Madori ma wata uku ya yi yana yawo cikin dekin da ramukan bulo kafin ya nuna kansa. Ya sake tambayar Alhaji ko wani ya ɗiba, Alhaji ya ce shi fa ba mai gadin ruwa ba ne. Ya tambayi Suwaiba daga bakin ƙofa, ta ce ita ko leƙa wurin ba ta yi. Iya Yagana dai bai tambaye ta ba. Wa zai tsaya a gaban uwar mutum, tsohuwa mai shekara kusan tamanin, ya ce ko ita ta taɓa masa ruwa? Tunanin ma bai zo masa ba.

Ya zare toshiya ruwa ya tafi, ya jira wurin ya tsane, ya ɗauko wuƙa. Ya kwance zoben, ya yanka robar da ya kwashe rabin yini yana lallaɓawa, ya ɓanɓaro ta daga gefen farantin da ƙyar, don ta kama kamar fata. Ƙarƙashinta a bushe yake. Siminti fari tas. Ya daɗe a tsugune yana kallon abin da ya yi wa aikinsa da hannunsa, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Ya ce to lalle ta wata kusurwa ne ruwan ke zurarewa cikin bulo. Ya sake ɗinke bakin magudanar, sabon ƙyalle ya hau kan tsohuwar roba da faɗin tafin hannu, ya sake bin kusurwoyi, ya ƙara wa wurin duka shafi na uku. Sannan ya sauko ya gaya wa Alhaji sai an ƙara kwana uku.

"Malam Gwadabe, banɗaki na ce ka yi mini," in ji Alhaji Umara. "Ban ce ka haƙa mini kududdufi a saman gida ba. Uwata daga ruwa na tsamo ta, kai kuma ka biyo ta da shi har bene."

Gwadabe ya ba shi haƙuri, ya yi masa bayanin layukan tayil da dekin da rodi mai tsatsa. Alhaji ya saurara yana kaɗa makullin mashin. A ranar da la'asar labari ya isa majalisa, aka ce Mai Yoyo ya ci gaba, da sai bayan wata uku aikinsa ke zuba, yanzu kuwa tun kafin ya gama. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Munzali yana wurin, ya ce shi bai ga laifin mutumin ba, ai ilmin Kano ne, sai a hankali.

Ranar Alhamis Gwadabe ya sake cika wurin, ya sake jan layi. Ranar Juma'a ya hau benen a hankali, yana addu'a a kowace matakala. Ruwa ya sauka kaurin yatsa, daidai inda ya tsaya wancan karo, kamar da gangan. Leda a bushe, silin a bushe, kwano yana nan yadda yake.

Alhaji bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ce ya riga ya yi magana da Munzali, ranar Lahadi da safe zai zo ya rufe wurin da tayil a huta. Gwadabe ya ce in aka rufe a haka an binne cuta ke nan, ya roƙa a bar masa gobe Asabar kawai. Alhaji ya ce Asabar ai tasa ce, ya yi iyo a ciki ma in ya ga dama.

Ranar Asabar Gwadabe bai zo da burushi ba, bai zo da wuƙa ba. Ya cika wurin har layi, ya kife bokiti a bakin dakali ya zauna. Ya ce yau sai ya ga ta inda ruwan nan ke bi, ko da idonsa zai tsiyaye. Ya ɗiga 'yar bula a kusurwoyi ko zai ga inda launin ke ja, bai ga komai ba. Zafin bazara ya cika ɗan lungun, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Awa ɗaya, awa biyu, awa uku, ruwa yana kan layi ko gezau. Maimakon ya ji daɗi sai ransa ya ƙara ɓaci. Wato shi ruwan nan sai ya ga ya juya baya yake tafiya?

Ladan ya kira azahar. Yana shirin tashi sai ya ji ƙarar sanda a bayansa, ƙwas, ƙwas. Iya Yagana ce, 'yar siririya, da tsagen Barebari a kumatunta, ta riƙo buta a hannu ɗaya da ƙaramin bokiti a gwiwar hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta yi masa sannu da aiki, ta tambayi mutanen gida. Sannan ta ce ya ɗan gusa mata. Ya gusa. Ta jingine sandar, ta dafa dakali, ta sunkuya ta tsoma butar cikin ruwan gwajinsa. Butar ta yi bul-bul-bul har ta cika. Ta aje ta, ta miƙa hannu za ta tsoma bokitin.

Gwadabe ya bi butar da kallo. Ya tuna wuƙar da ya sa wa aikinsa. Ya tuna dariyar majalisa. Da wani ne, wallahi da unguwar ta ji su. Amma tsohuwa ce, sa'ar uwarsa, tana murmushi.

"Iya, dama ke kike ɗiba?" in ji shi.

"Ni ce mana, ɗan nan. Allah ya yi maka albarka da ka kawo mana ruwa kusa. Na duba shi da kyau, kalarsa ba ta sauya ba, ba wari, ba ɗanɗano. Ya yi alwala." Ta ɗan leƙa kusurwa. "Yau dai na ga kamar ka sa masa shuni kaɗan."

Ya tambaye ta sau nawa take ɗiba. Ta ce kowace salla buta ɗaya, sai ɗan bokiti na zagayawa, sai in za ta ɗauraye kwanonta. Ta ce ba ta taɓa sa ƙafa a ciki ba, ta ga fentin sabo ne. Wancan makon ma ta ji haushi da ta ga ya zubar da sauran a banza. Gwadabe ya lissafa a ransa, ya ga kaurin yatsansa cif. Ya yi ƙoƙari ya bayyana mata cewa ruwan nan awo ne, ba na amfani ba ne, raguwarsa ce ke nuna aiki ya ɓaci, kuma saboda raguwar nan gobe za a karɓe aikin daga hannunsa. Ta saurara, murmushin ya gushe a hankali. Ta ce ita ba wanda ya gaya mata. Gaskiya ta faɗa, ba wanda ya gaya mata.

Duk da haka wani sanyi ya ratsa shi. Aikinsa lafiya yake, tun farko ma lafiya yake. Ya miƙe zumbur zai sauka ya nemo Alhaji a kasuwa, ya kawo shi ya ji da kunnensa. Sai ta riƙe masa gefen riga.

Ta ce ya zauna, ya zauna. Ba ta kiran sunan Umara, ɗan fari ne, sai dai ta ce mai gidan nan. Ta ce mai gidan nan ya ɗora wa Suwaiba hawo mata da ruwa, yarinyar kuwa cikinta wata takwas. Jarka ɗaya take kawowa da safe, tana hutawa sau uku a matakala, ita kuma kullum sai ta ce mata ya isa har ya yi yawa. Ta ce ita a bakin kogi aka haife ta, shekara saba'in tana ɗibar ruwanta da hannunta, bakinta bai iya cewa a kawo mata ruwa ba. Bara da tuwonta ya yi latti sau ɗaya, mai gidan nan ya tura yarinyar gidansu a Auyo, sai da ta yi wata biyu ana biko. To ina ga ya ji uwarsa tana kwalfar ruwan alwala a daɓen banɗaki?

"Ba zai ce laifina ba ne, ba zai ce nasa ba ne. Kanta zai sauke," in ji ta. "Ka rufa mini asiri, ɗan nan."

Gwadabe ya ce, "Iya, sunana fa."

Ta ce ta sani. Amma ba ta saki rigar ba.

Ya yi sallar azahar a makare ranar, kuma Allah ya sani rabin hankalinsa ba ya wurin. Da ya idar ya sauka tsakar gida ya cika jarka huɗu, ya hau da su ɗaya bayan ɗaya yana huci, ya jera su a bayan ƙofar Iya inda labule ke rufewa. Suwaiba tana tankaɗe a inuwa, ta bi shi da kallo, ya ce mata na aiki ne. Ya mai da ruwan gwaji kan layi, ya duba agogo, ƙarfe biyu da rabi. Ya gicciye katako a bakin wurin. Iya ta ce ba sai ya sa katako ba, ita ba yarinya ba ce. Ya ce ya sani, ya bar shi a wurin.

Ranar Lahadi ƙarfe tara ya riga kowa zuwa. Ruwa yana kan layi, abin da ya ragu bai wuce na kwano ba. Ya sauka ya duba leda, ya duba silin, ya dawo ya sake duba layin. Shekara huɗu yana jiran ya nuna wa wani mutumin Haɗeja wannan layin. Sai ga Alhaji Umara ya hawo, Munzali na biye da shi da injin yanka tayil a kafaɗa.

Gwadabe ya nuna masa. Alhaji ya sunkuya ya duba, ya yarda ruwa bai ragu ba. Gwadabe ya roƙa a bar shi zuwa biyu da rabi ya cika yini da kwana, gwaji ya kammala. Alhaji ya miƙe yana kaɗe hannu.

"To, na gani. Sau biyu ya zuba, yau bai zuba ba. Me ka gyara tsakanin Juma'a da yau?"

Labulen ɗakin Iya ya ɗan motsa. A ƙasan matakala Suwaiba ce tsaye da jarkar safe, ta dafa ƙugu tana mai da numfashi kafin ta fara hawa. Amsar tana kan harshen Gwadabe, gajeriya ce, kalma huɗu ta isa.

"Ban gyara komai ba, Alhaji."

"Ka ji ko," in ji Alhaji, ya juya wajen Munzali. "Wato abin sa'a ne. Ran da ya ga dama ya riƙe, ran da ya ga dama ya zuba. Malam Gwadabe, na gode, Allah ya saka. Buɗe ruwan nan a ba mutum wuri."

Da hannunsa Gwadabe ya kwance toshiyar. Ruwan ya juya ya bi magudana, bai bar ko ɗan kwanci ba, gangarar ta yi daidai. Ya tattara kayansa cikin buhu. Ya so ya wuce bai ce uffan ba, amma ya kasa. Ya ja Munzali gefe ya ce don Allah ya cire takalmin nan mai ƙusa kafin ya taka robar, kar ya buga ƙusa ko ɗaya a ƙasa ko a kan dakali, kar ya yanka tayil a ciki. Ya nuna masa 'yan ramukan da ke jikin zoben, ya ce ta nan ruwan da ya ratsa tayil ke komawa bututu, ya zagaye su da tsakuwa kar siminti ya toshe su. Munzali ya ce to malam, to malam, yana dariya ƙasa-ƙasa. Amma ya cire takalmin, don shi ma ba wawa ba ne, ya san aiki in ya gan shi.

Gwadabe zai sauka Iya Yagana ta kira shi daga bayan labule, murya ƙasa. Ta ce Allah ya rufa masa asiri duniya da lahira. Ya ce amin. Har ga Allah ya so ya faɗe ta da zuciya ɗaya, amma ba da zuciya ɗaya ta fito ba. A matakala ya karɓi jarkar hannun Suwaiba ya kai mata sama, ya sake saukowa, ya hau kekensa.

Munzali ya gama ranar Litinin da yamma. Damina ta zo da ƙarfinta, kogi ya cika ya tumbatsa, aka yi ta jera buhunan yashi a bakin gari. Suwaiba ta haihu a ɗakinta, namiji. Iya Yagana tana wanka a sama safe da yamma da famfonta, kwalayen bandar Alhaji kuwa suna ƙasa a bushe. Wata uku ya wuce, wata shida ya wuce, silin bai ko canza launi ba.

Wata la'asar Gwadabe ya biyo ta bakin kasuwar kifi da buhun kayansa, daga wani ɗan aikin gyaran matakala. Alhaji Umara yana tsakiyar majalisa yana ba da labari. Yana cewa duk mai son banɗakin bene ya nemi Munzali, kwana biyu ya yi masa, ba cika ruwa, ba jan layi, ba wani iyayi, ga shi har yau ko ɗigo. Wani mai gina masaukin baƙi a hanyar Gumel, ɗaki takwas duk a sama, yana ta gyaɗa kai yana karɓar lambar Munzali. Sai Alhaji ya hango shi.

"A'a, Mai Yoyo, zo ka ji. Banɗakin nan da ka ce an binne cuta, har yau bai zuba ba."

Aka juyo ana jiran abin dariya. Gwadabe ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya gyara ɗaurin buhun a bayan keke, ya dubi Alhaji.

"Ba zai zuba ba," ya ce. Ya tambayi lafiyar Iya, aka ce tana nan ƙalau, ya taka kekensa ya wuce.